Yadda Ake Yi da Mai Kiran da Ya Ce Daga Banki Yake, Yana Neman Lambar OTP

Sana'ata POS ce a Jega, kuma duk mai wannan sana'a a garuruwan Kebbi ya san rumfarsa ce wuri na farko da mutum ke rugowa idan kuɗinsa suka fara fita ba da saninsa ba. Banki na da nisa ga mutumin ƙauyukan Suru ko Bunza ko Maiyama, mu ne a kusa. Na sha taya mutane rufe asusu da rubuta takardar ƙorafi, shi ya sa zan shimfiɗa yadda ake yi daki-daki, tun daga shigowar kiran har zuwa abin da za a yi idan lambar ta riga ta fita daga baki.

Abin da za ka tanada tun kafin a kira ka

A lokacin da kuɗi ke fita ba a samun natsuwar neman komai, don haka yau za ka haɗa waɗannan, ka rubuta su da biro a ƙaramar takarda. Kada ka bar su a cikin waya kawai, domin wani lokacin wayar ce ke da matsalar.

- Lambar kiran bankinka ta gaskiya. Tana bayan katin ATM ɗinka. Wadda ke jikin katin za ka kwafa, ba wadda ka gani a Facebook ko wadda aka turo a zauren WhatsApp ba.
- Lambar asusunka mai lamba 10, da lambar layin da ka buɗe asusun da shi.
- Lambar da ake dannawa a rufe asusu nan take.
- Katin kira na aƙalla naira 500 a layinka, domin kiran banki na ɗaukar lokaci kafin a ɗaga.
- Waya ta biyu da za ka iya ara, ta ɗanka ko maƙwabci ko mai POS da ka yarda da shi.
- Katin shaidarka, na ɗan ƙasa ko na zaɓe, a inda hannunka zai kai gare shi.

A takardar nan kada ka rubuta PIN, kada ka rubuta lambobin katin ATM. Idan ta ɓace, wanda ya tsince ta ba zai iya cire kuɗi da ita ba.

Lambar rufe asusu kowane banki da tasa. Ga na wasu daga cikinsu:

```
First Bank   *894*911#
Access Bank  *901*911#
UBA          *919*911#
Zenith Bank  *966*911#
GTBank       *737*51*74#
```

Duk ranar da ka shiga reshe ka tambayi ma'aikaci ya tabbatar maka da taka, domin bankuna kan sauya tsari. Idan bankinka ba ya cikin waɗannan, ko asusunka na manhajar waya ne, ka tambayi yadda ake rufewa, ka kuma tambaya ko ana iya yi daga wayar wani. Kada ka gwada lambar har ƙarshe don ka ga ko tana aiki. Rufewa za ta yi da gaske, kuma yawanci sai ka je reshe da ƙafarka kafin a buɗe.

Abu ɗaya da ya kamata ka gane game da lambar OTP

OTP lamba ce da banki ke turowa a layinka, galibi guda 6, mai aiki sau ɗaya, kuma tana mutuwa cikin 'yan mintuna. Ba ta zuwa haka kawai. Tana zuwa ne saboda a daidai wannan lokacin wani ya nemi a yi wani abu da asusunka: biyan kuɗi da katinka a intanet, ko ɗora manhajar bankinka a sabuwar waya, ko sauya kalmar sirrinka. Na'urar banki ba ta ganin fuska, sai ta turo lamba zuwa layin mai asusu, idan an shigar da ita daidai ta ɗauka shi ne.

To idan ba kai ka fara komai ba, amma saƙon ya shigo kana tsakiyar magana da mai kira, babu wata tantama, shi ne ya sa aka turo ta. Kamar rumbu ne mai kwaɗo biyu, ya riga ya ɓalle na farko, makullin na biyu yana aljihunka, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana lallashinka ka miƙo masa. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya buƙatar wannan lamba don ya duba asusunka ko ya rufe shi, komai yana gabansa a kwamfuta. Shi ya sa banki ba ya tambayar OTP, ko PIN, ko lambobi 3 na bayan kati, ko kalmar sirrin manhaja, a waya ko a saƙo.

1. Ka saurari abin da ya zo da shi, kada sanin sunanka ya ruɗe ka

Mai kiran zai yi sallama da ladabi, ya kira cikakken sunanka har da na mahaifi, ya faɗi bankinka, wani lokacin ma ya karanto ranar haihuwarka ko wasu lambobi na BVN ɗinka. A nan ne yawancin mutane ke sakin jiki. Da yawa sun ce mini, "Ai ya san komai nawa, yaya zan yi in ƙi yarda?"

Sanin suna ba hujja ba ne. Duk wanda ya shigar da lambar asusunka kamar zai tura maka kuɗi, cikakken sunanka zai fito masa. Wasu asusun manhaja ma lambar wayarka ce lambar asusun, an dai cire sifilin farko. Ga rasit ɗin POS da ake yarwa a kasuwa, ga fom ɗin tallafi na bogi da ake cikewa a waya, ga takardun ƙungiyoyin manoma da suka bi hannu da yawa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Banki a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manoma da yawa a jihar nan suka buɗe asusu, suka saba miƙa BVN da lambar waya a rubuta a jerin sunaye. Bayanan da suka fita ba sa dawowa. Haka ma sunan da ke bayyana a fuskar wayarka lokacin kira, ko da sunan banki ne, ana iya ƙirƙira shi.

Labaran da suke zuwa da su ba su da yawa. Ko a ce za a rufe asusunka yau saboda ba a haɗa shi da NIN ko BVN ba, ko a ce katinka ya daina aiki za a sabunta, ko an cire maka kuɗi bisa kuskure za a mayar, ko sunanka ya fito a tallafi. Na haɗa asusu da NIN yana kama mutane ne saboda akwai gaskiya a gindinsa, domin Babban Banki ya ba da wannan umarni a ƙarshen 2023. Amma ba a yin haɗin ta hanyar karanta wa wani OTP a waya. Wanda ya fi kowanne haɗari a wurina shi ne mai cewa, "Yanzu haka wani yana ƙoƙarin cire kuɗinka, muna so mu tare shi." Wannan ya zo maka a matsayin mai ceto, tsoro ya shige ka, kai da kanka za ka riƙa roƙonsa ya yi sauri.

Alamar da ba ta ɓuya ita ce gaggawa. Lambar na da gajeren rai, don haka dole ya hana ka tunani. Zai ce kada ka kashe wayar, kada ka gaya wa kowa, minti biyu ya rage.

2. Ka karanta saƙon gaba ɗaya, ba lambar kaɗai ba

Ido kan faɗa kan lambar ya tsallake sauran rubutun, kuma shi mai kiran haka yake so. Saƙon yakan faɗi abin da lambar za ta yi. Idan na biyan kuɗi ne, sau da yawa za ka ga adadin a ciki. Idan na ɗora manhaja ne za ka ga kalmomi irin `registration` ko `activation` ko `new device`. Kusan kullum akwai gargaɗi a ƙarshe, `Do not share` ko `Do not disclose`, wato kada ka ba kowa. Mutumin ya ce zai mayar maka da kuɗi, saƙon kuma yana maganar sabuwar waya, ka ga maganarsu ba ta haɗu ba.

Idan ba ka karanta Turanci, ko ba ka karanta boko gaba ɗaya, a nan akwai wani kuskure da nake yawan gani. Dattijo zai miƙa wa yaro wayar yana cewa, "Karanta wa malamin banki lambar da ta shigo." Yaro kuwa ya karanta, don biyayya. A kashe kiran tukuna, sannan a ba wani babba ya karanta maka saƙon, kai kaɗai, ya gaya maka abin da yake nufi. Ku da ke da iyaye masu asusu, ku zauna da su ku yi wannan magana da bakinku, ku ce, "Inna, duk wanda ya kira yana maganar banki, ki ce masa ɗanki zai je reshe, ki kashe, ki kira ni." A gaya wa yaran gida ma, domin su ake miƙa wa wayar.

3. Ka kashe wayar

Ba ya bin ka bashin bayani. Ka ce, "To na ji, zan je banki da kaina," ka kashe. Idan ya sake kira kada ka ɗaga. Mutanenmu na jin nauyin kashe wa mai ladabi waya, musamman wanda ke ta ranka ya daɗe da Alhaji da Hajiya, kuma da wannan kunyar suke cin kasuwarsu. Babu asusun da ake rufewa don mai shi ya kashe waya.

Samari kan so su tsaya su ja mutumin da magana, su ba shi lambar ƙarya don su wahalar da shi. Ban goyi bayan haka ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan aikinsa ke nan kullum, kuma kowace amsa da ka bayar tana ƙara masa sani a kanka.

Ga kuma dabarun da suke yi wa wanda ya riga ya ji cewa ba a faɗin OTP. Zai ce, "Gaskiyarka, kada ka faɗa mini, danna ta kawai a wayarka." Ko ya ce ka karanto ta daga ƙarshe zuwa farko, ko ka faɗi uku na farko shi ya san sauran, daga baya wani ya kira ya nemi ukun ƙarshe. Ko ya ce ka tura saƙon zuwa wata lamba, ko ka shigar da ita a wani shafi da ya turo maka. Duk bayarwa ce. Haka nan idan ya ce ka danna wata lamba mai farawa da `*21*` ko `**21*` tare da lambar waya, karkatar da kiranka yake so ya yi zuwa wayarsa, saboda wasu lambobin sirri ta kiran murya ake faɗinsu. Idan ka riga ka danna, ga mai warware shi:

```
##002#
```

4. Kai ka nemi bankin, ta hanyar da ka sani

Ko ba ka ba da komai ba, kada ka share maganar. Idan kira kawai aka yi, saƙo bai shigo ba, ka toshe lambar, ka gaya wa mutanen gida. Amma idan OTP ta shigo da gaske daga inda saƙonnin bankinka suka saba shigowa, to wani yana riƙe da wani abu naka, wataƙila lambobin katinka. Ka kira lambar bayan kati, ka ce an turo maka OTP ba ka nema ba, ka nemi a rufe katin a ba ka sabo, sannan ka sauya PIN da kalmar sirrin manhaja. Kuɗin sabon kati bai kai abin da ke cikin asusun ba.

Kada ka kira lambar da ta kira ka, kada ka kira wadda ya ce ta manaja ce. Abokin aikinsa ne zai ɗaga.

5. Idan ka riga ka ba da lambar, rufe asusu ne farko

A nan mintuna ake ƙirgawa. Kuka da faɗa da tambayar yadda aka yi duk su jira. Ka danna lambar rufe asusu, ka bi abin da ta tambaya, yawanci lambar asusu ko lambar layin da ke kansa, wani bankin har da PIN. Idan layinka ba sabis, ka yi da wayar da ka ara. Ka jira saƙon da ke tabbatar da an rufe, idan bai zo ba ka sake.

Kuskure mafi tsada a wannan mataki shi ne rufe kati a bar asusu. Abu biyu ne daban. Idan ɓarawon ya yi amfani da lambar ya ɗora manhajar bankinka a wayarsa, rufe katin ATM ba zai hana shi komai ba, taransifa zai ci gaba da yi. Don haka idan ka samu ma'aikaci a waya, ka faɗa masa a fili cewa kana so a hana fitar kuɗi daga asusun gaba ɗaya. Su suna kiran wannan `PND`. Ka kuma nemi a cire duk wata waya da aka ɗora manhajar a kanta.

Idan lambar rufewa ta ƙi tafiya, banki kuma bai ɗaga ba, akwai hanya ta biyu: ka riga shi kwashe abin da ya rage. Ka tura zuwa wani asusunka na wani banki, ko na ɗan'uwan da ka yarda da shi, ko ka cire a wurin mai POS. Wannan na da iyaka, domin akwai adadin da ba za ka wuce ba a rana, amma abin da ka fitar ya tsira. Kana yi, wani na ci gaba da kiran bankin a ɗaya wayar.

Bari in kawo misali da adadi don a ga yadda abin ke gudu. Mu ɗauka wani manomi a ƙasar Suru ya sayar da shanshera, naira 640,000 na cikin asusunsa. Ranar Juma'a da ƙarfe 4:40 na yamma, bankuna sun tashi, aka kira shi.

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe Alhaji. Daga ofishin banki ne. Akwai wanda ke ƙoƙarin cire dubu ɗari da hamsin a asusunka daga Legas. Kai ne?"

"Subhanallahi! Ba ni ba ne, ɗana. Ni ina gona ma."

"To kada ka damu Baba, yanzu za mu tare shi. Ɗauko katinka ka karanto mini lambobin gaba. Akwai saƙon da zai shigo, shi ne na tarewa."

Ya karanto lambobin kati, aka ce ya faɗi PIN don a soke shi, ya faɗa. Ƙarfe 4:46 OTP ta farko ta shigo, ya karanta. Da ita aka ɗora manhajar a wayar ɓarawo. Aka ce ba ta shiga ba saboda sabis, ga wata nan. Ta biyun ita ta ba da izinin fitar kuɗi. Ƙarfe 4:51 alat ya shigo, 200,000 sun fita. Mai kiran ya ce wannan gwaji ne, za su dawo cikin minti goma, kada ya kashe. Ƙarfe 4:55 wasu 200,000 suka bi su. A nan ƙanensa da ke gefe ya karɓe wayar ya kashe, ya danna lambar rufe asusu. Ƙarfe 4:59 aka rufe, naira 240,000 suka tsira.

Wuraren tsayawa uku ne a labarin. Da ya kashe lokacin da aka nemi lambobin kati, ba abin da zai fita. Da ya tsaya bayan OTP ta farko ya rufe asusu, da wuya ɓarawon ya samu ko sisi. Da ya rufe bayan alat na farko, da 440,000 suka rage masa maimakon 240,000, kuma minti huɗu ne kacal tsakanin alat ɗin biyu. Idan aka ce maka lambar farko ba ta shiga ba, ka sani ta shiga, ta biyun wani aiki za ta yi. Ka lura da ranar kuma. Yammacin Juma'a da jajibirin Salla sun fi yi musu daɗi, domin sun san ba reshen da za ka samu a buɗe.

6. Ka kai ƙorafi a ranar, kada ka jira Litinin

Kuɗin da suka fita wani asusu suka shiga, kuma muddin suna zaune a can ana iya riƙe su. Ɓarayin sun san haka, shi ya sa suke rarraba su zuwa wasu asusun ko su cire su da wuri. Saboda haka da ka rufe, sai ka kira layin banki, wanda manyan bankuna ke barinsa a buɗe dare da rana. Ka ce damfara aka yi maka, ka faɗi adadi da lokacin kowace fita, ka nemi su sanar da bankin da kuɗin suka shiga a riƙe su. Kafin ka ajiye waya ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta.

Kada ka goge komai. Mutane kan goge saƙonnin da lambar mai kiran don ɓacin rai ko kunya, alhali su ne shaidarka. Ka ɗauki hoton alat, da saƙon OTP, da jerin kira mai nuna lokaci.

Ranar aiki ta farko ka isa reshe da safe da katin shaida da takarda a rubuce. A ciki ka sa sunanka, lambar asusu, ranar da lokacin kiran, lambar da ta kira, abin da aka nema da abin da ka bayar, da kowace fita da adadinta. Ka faɗi gaskiya cewa ka ba da lambar. Na'urarsu ta riga ta nuna an shigar da ita daidai, idan ka musa sai a fara zarginka, lokaci kuma na tafiya. Ka yi kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya a ba ka. Ka nemi takardar bayanan asusu, ka kuma nemi `Session ID` na kowace taransifa, lamba ce doguwa mai guda 30 da ake bin sawun kuɗi da ita tsakanin bankuna. Daga nan ka kai rahoto ofishin 'yan sanda ka karɓi takarda, domin sau da yawa banki zai nema, kuma mayar da kuɗin da aka riƙe a wani banki kan buƙaci umarnin kotu. Hukumar EFCC ma na karɓar irin wannan ƙara, ofishinta na shiyya da ke Sakkwato shi ke kula da Kebbi da Zamfara.

Idan mako biyu suka wuce banki bai yi komai a kan ƙorafinka ba, kana da damar kai shi sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ta `cpd@cbn.gov.ng` ko a reshensa da ke Birnin Kebbi. Ka haɗa da kwafin takardar nan mai hatimi, don ita ke nuna ka fara bi ta bankinka.

Ba zan ɓoye maka ba, idan mutum da bakinsa ya ba da lambar, banki ba kasafai yake biya daga aljihunsa ba. Abin da ake samu shi ne abin da aka iske a asusun da kuɗin suka faɗa. Wanda ya kira cikin awa ɗaya yana da fata, wanda ya kwana uku yana jin kunyar faɗa wa iyalinsa yawanci sai haƙuri. Wannan kunyar tana ba ni takaici ƙwarai, domin na ga malamai da ma'aikata da manyan 'yan kasuwa da abin ya faɗa wa, ba rashin wayo ba ne, an same su ne a lokacin tsoro.

7. Kafin a sake buɗe asusun

Kada ka matsa a buɗe don kana buƙatar kuɗin cefane, sai an toshe inda aka shigo. Sabon kati, sabon PIN na kati da na taransifa, sabuwar kalmar sirri, kuma ma'aikaci ya tabbatar maka babu wata waya a kan asusun sai taka, lambar layi da imel ɗin da ke kai ma ba a sauya su ba. PIN kada ya zama shekarar haihuwa ko ƙarshen lambar waya. Idan kana da asusu a wasu bankuna da PIN iri ɗaya, su ma ka sauya. Ka nemi a rage adadin da zai iya fita a rana zuwa abin da ka saba kashewa, ranar da za ka sayi taki ko injin ban ruwa sai a ɗaga.

Layinka ma ka kula da shi, domin ta nan lambar ke zuwa. Ka sa wa sim PIN, saboda idan an sace waya a kasa amfani da shi a wata. Idan sabis ya ɗauke a wayarka kaɗai, na kusa da kai masu layin kamfani ɗaya suna da shi, ka kashe ka kunna. Idan bai dawo ba, ka rufe asusu da wayar wani, sannan ka nufi ofishin kamfanin layin, don mai yiwuwa an ɗauke layin zuwa wani sim.

8. Kira na biyu

Bayan kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa wani zai kira. Wannan karon zai ce daga sashen binciken damfara yake, ko daga Babban Banki, ko EFCC, an kama ɓarawon, za a mayar maka da kuɗinka. Zai faɗi adadin da aka cire daidai, har da lokaci, abin da zai sa ka yarda. Ya san adadin ne saboda shi ko abokinsa ya cire. Zai nemi ka biya wani abu na buɗe fayil, ko ka ba da wani asusun da za a zuba kuɗin, daga nan kuma wata OTP ta shigo.

Mayar da kuɗi ba ya buƙatar OTP, ba ya buƙatar PIN, kuma ba a biyan kuɗin fayil ta waya. Idan an riƙe wani abu, a reshe za ka ji, da lambar ƙorafinka. Ka rubuta lambar da ta kira da lokacin, ka kashe, ka kai wa ma'aikacin da ke riƙe da takardarka da ɗan sandan da ya karɓi rahotonka su haɗa da na farko.